Yadda ake gyara rikodin ɗin da ya fashe saboda an ɗaga gen da yawa

Yawancin masu koyo da na gani, da zarar sun buɗe rikodin sun ji murya tana karce duk inda mai magana ya ɗaga sauti, abu na farko da suke yi shine su rage bolum, sai su ga jajayen layukan nan da manhajar gyaran sauti ta Audacity take nuna fashewa da su sun ɓace su ce ai an gama. Ba a gama komai ba wallahi, ƙarar tana nan, kawai dai ka maida ita ƙarama ne. Abinda ya faru shine na'urar rikodin tana da silin da ba ta iya wucewa, shine 0 dB, in gen, wato ƙarfin da ake ƙara wa sautin makirfo kafin a ɗauke shi, ya yi yawa sautin ya so ya haura wajen sai na'urar ta riƙa rubuta lamba ɗaya a jere, kan igiyar sautin da ya kamata ya yi lanƙwasa sai ya zama shafaffe kamar an sa wuƙa an yanke. Wannan ɓangaren da aka yanke ba a taɓa rubuta shi ba, babu shi a fayil ɗin, duk sofwayar da zata gyara maka kintace take yi, tana duba yadda igiyar ta taso da yadda ta sauka sai ta zana abinda take ganin ya ɓace. Shi yasa in yankan gajere ne kintacen yana faɗawa daidai, in dogo ne kuma sai dai a rage zafi.

Kafin ka taɓa komai nemo fayil na asali, wanda ya fito daga na'urar kai tsaye, in WAV ne ka yi sa'a. Kada ka yi aiki akan wanda aka riga aka tura ta manhajar hira ko aka maida MP3 in dai akwai na asalin, zan faɗi dalili a ƙasa. Kuma gyaran fashewa shine aiki na farko, kafin cire hayaniya, kafin ikwalaiza, kafin kwamfiresa, kafin komai. Wannan ni a wajena doka ce. Duk wani ifekt da ka sa kafin nan yana lanƙwasa shafaffen kan nan, sofwayar gyaran kuma da shafaffen kan take gane inda ciwon yake, in ka ɓata mata alama to ta makance.

Zan yi bayani da Audacity tunda kyauta ce. Akwai iZotope RX, De-clip ɗinta ya fi kyau nesa ba kusa ba musamman a kan waƙa, amma kuɗi ne, kuma in magana ce kawai da fashewa kaɗan kaɗan ban ga dalilin sayenta ba tukuna. Shigo da fayil, ka tabbata tirak ɗin yana kan 32-bit float (dama haka Audacity take zuwa in ba wani ya canza ba) saboda a wannan tsarin ko sauti ya haura 0 dB ana cikin aiki ba ya sake yankewa. Yi Duplicate ka kashe sautin kwafin ka ajiye shi a gefe. In sitiriyo ne kuma kowane gefe makirfonsa daban, raba su da Split Stereo to Mono, sau da yawa gefe ɗaya ne ya fashe ɗayan lafiyarsa ƙalau, babu dalilin da zai sa ka yi wa mai lafiya tiyata.

Yanzu sai duba ciwon da ido. Mutane suna kunna Show Clipping a cikin View, ko su yi Find Clipping a cikin Analyze, su dogara da su ɗari bisa ɗari, alhali waɗannan suna nuna inda sauti ya taɓa silin ɗin 0 dB ne kawai. In firiyam ɗin mikisa, wato ɓangaren da yake fara ƙara wa sautin makirfo ƙarfi, ne ya fashe tun kafin sautin ya shiga kwamfuta, ko wani ya riga ya rage bolum ya sake ajiye fayil ɗin, shafaffen kan zai zauna a ƙasa, a -3 dB ko -6 dB, ja ko ɗaya ba zaka gani ba amma kunnenka yana jin karcen. Saboda haka je wajen da ka ji ƙarar ka yi zum sosai har sai ka fara ganin ɗigo ɗigo na sampul. Abu biyu kake nema, a wane tsayi ne kan ya shafe, sannan ɗigo nawa ne a jere. A rikodin na 48000 Hz, sampul goma kusan 0.2 na milisakan ne, irin wannan yana gyaruwa tas. In ka ga ɗigo ɗari ko fiye a jere kuma kusan kowace igiya a cikin kalmar haka take, har siffar sautin ta koma kamar akwati, to ka rage buri tun yanzu.

To ga inda kusan kowa yake faɗuwa. Clip Fix, wato ifekt ɗin da Audacity take gyara fashewa dashi, yana cikin Effect, akwatuna biyu ne dashi, Threshold of Clipping (%) wanda yake zuwa a 95, da Reduce amplitude to allow for restored peaks (dB) wanda yake zuwa a -9. Sai mutum ya zaɓi fayil ɗin gaba ɗaya na awa guda ya danna a yadda ya same shi, ya zauna jira, daga ƙarshe ya ji sauti ya ragu amma karcen na nan ya ce abin ba ya aiki. Wannan 95 ɗin ba daga silin ake auna shi ba, daga sauti mafi tsayi a cikin abinda ka zaɓa ake aunawa, duk sampul da ya kai kashi 95 na wancan tsayin shi ake ɗauka a matsayin fasasshe. In fayil ɗin na asali ne kuma duk kawunan sun shafe a layi ɗaya, babu matsala 95 zai kama su. Amma bari mu ɗauki misali, an turo maka karatu da aka riga aka rage aka maida MP3. Ka yi zum ka ga kawunan sun shafe a wajen 0.71 a ma'aunin gefen tirak, wato kusan -3 dB kenan, sai dai matsewar MP3 ta sa shafaffen kan ya yi ƴan tudu da kwari, wani wajen har ya yi tsalle zuwa 0.80. To kashi 95 na 0.80 shine 0.76, kaga layin da sofwayar ta ja yana sama da inda ciwon yake, tsinin tsallen nan kawai zata taɓa ta bar sauran. Abinda kake so shine layin ya sauka ƙasa kaɗan da shafaffen kan, a ce 0.70, sai ka raba 0.70 da 0.80 ya baka 0.875, ka rubuta 87. Lissafin kenan, kuma shine dalilin da yasa nace ka nemo na asali.

Kada kuma ka ce tunda saukarwa tana aiki bari in kai shi 70 in huta. In layin ya yi ƙasa da yawa, lafiyayyun igiyoyi ma za a goge kansu a zana na kintace, sai muryar ta fara wani gurgur kamar ana magana ta cikin ruwa, wasu kawunan kuma su yi tsini su harba sama fiye da hankali. Da ka ji haka yi Undo ka ɗaga da biyu ko uku. Ni dai ban yarda a zaɓi fiye da jimla ɗaya ko biyu a lokaci guda ba, eh aiki ne mai cin rai, amma tsayin da ake auna layin dashi yana canzawa daga waje zuwa waje, kuma Clip Fix dama ba shi da sauri akan dogon zaɓi. Wani lokacin zaka ga saman igiya ne kawai ya yanke ƙasan bai yanke ba, muryar mutum dama ba daidai take sama da ƙasa ba, kada wannan ya ruɗa ka.

Akwati na biyun shima yana da tarko in kana aiki gunduwa gunduwa. Yana rage duk abinda ka zaɓa da 9 dB don kawunan da za a maido su samu wajen tsayawa, to in jimla ɗaya ka zaɓa ita kaɗai zata ragu, sai ka ji magana tana tafiya ta faɗa rami ta fito. Maganinsa shine tun farko ka zaɓi tirak ɗin duka ka yi Amplify da -9, sannan a cikin Clip Fix ka maida akwatin 0. In fashewar ta yi tsanani ma -12 ya fi.

Yadda zaka san ya yi, da farko ido, kan ya dawo ya yi lanƙwasa kuma babu wani ɗan karaya a inda sabon zane ya haɗu da tsoho. Sannan kunne, da hedfon ba sifikar waya ba, kuma ka rage kwafin nan da ka ajiye shima daidai yadda ka rage wanda ka gyara kafin ka gwada su, in ba haka ba mai ƙarfin zai riƙa yi maka kamar ya fi daɗi. In kana so ka tabbata sosai, sake kwafar su biyun, yi wa ɗaya Invert ka kunna su tare, abinda ya rage shine zallar abinda gyaran ya ƙara. Ya kamata ka ji ƴan ƙas ƙas ne a daidai wuraren da aka ɗaga murya, in kana jinsu ko'ina har a maganar da aka yi a hankali to layinka ya yi ƙasa. Ƴan wuraren da suka ƙi, ɗaya ko biyu, yi musu zum ka zaɓi kan kaɗai ka sa Repair, amma sampul 128 ne iyakarsa, a 48000 Hz bai kai milisakan uku ba, kuma yana buƙatar lafiyayyen sauti a gefensa da zai duba.

In fayiloli ne da yawa kuma ba ka da lokacin bi ɗaya ɗaya, ffmpeg, wanda ake rubuta wa umarni ya sarrafa sauti, yana da tacewa mai suna adeclip:

```
ffmpeg -i asali.wav -af "volume=-9dB,adeclip" -c:a pcm_f32le gyara.wav
```

Gajeriyar hanya ce, a saurari abinda ya fito kafin a tura wa kowa.

Sauran aikin ba wuya. Yanzu ne zaka cire hayaniya in akwai. In har yanzu akwai ɗan kaifi a muryar, rage 2 ko 3 dB a tsakanin 3000 da 6000 Hz da ikwalaiza, kada ka wuce haka muryar zata toshe. Zaka lura rikodin ɗin ya fi da rauni tunda kawunan da aka maido sun yi tsayi, sai ka sa kwamfiresa kaɗan, Limiter ya tare a -1 dB, ka fitar da WAV ka ajiye kafin ka yi MP3 daga cikinsa. Kalmar da ta fashe har ta koma akwati kuma in mai maganar yana kusa a sa shi ya maimaita jimlar da makirfo ɗin da aka yi na farko, a saita gen yadda in ya ɗaga murya iya ƙarfinsa mita ba zata wuce -12 dB ba, sai a dasa ta a wajen.