Yadda Za Ka Ƙi Aiki Bayan Intabiyu Ba Tare Da Ka Ɓata Da Manaja Ba

Ana yawan tambayata wannan a Ringim.

1. Yanke shawara cikin kwana biyu.
2. Kira manajan da kanka. Kada ka aika saƙo ta bakin wanda ya haɗa ku, hakan raini ne.
3. Gode masa: "Ranka ya daɗe, sau uku kuka zauna da ni, na gode da karamci."
4. Faɗi dalili ɗaya, na gaskiya: "Dutse ta yi mini nisa da mahaifiyata, ga ta ba lafiya."

Hattara! A nan ake kuskure. Kunya kan sa mutum ya ce "zan yi shawara" alhali ya gama yankewa. Kujerar kake riƙe musu a banza, kuma ba sa mantawa.

5. Nemi izinin tuntuɓarsa idan gurbi ya samu kusa da gida.
6. Tura gajeriyar takarda a ranar, don fayil ɗinsu.
7. Da sallah, kira ka gaishe shi, kada ka ta da zancen aiki.