Kurakuran da ake yi wajen cire warin funfuna daga tawul da tufafi

Duk shekara da zarar marka ta kankama a watan Agusta, sai shagon wanki da guga ya cika da kaya iri ɗaya: tawul ɗin da aka bari a jiƙe a banɗaki, rigunan da aka manta a cikin baho, da zannuwan gadon da aka kwashe daga igiya saboda hadari aka jibge su a kan kujera. Masu kayan sukan ce sun wanke sau biyu ko uku amma warin yana nan, kuma idan na tambayi yadda suka yi wankin, amsar kusan ɗaya ce da abin da sababbin yaran shago suke yi kafin a koya musu. Na gaji da maimaita bayanin da baki, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta shi.

Wajibi ne a fara sanin daga ina warin yake fitowa, domin yawancin kurakuran daga rashin sanin hakan suke tasowa. Tawul yana kwasar maiƙon jiki, gumi, man shafawa da ragowar sabulu, su maƙale a can cikin zarensa. Idan ya daɗe da danshi a wuri mai ɗumi, ƙwayoyin cuta da funfuna sukan samu abinci da ruwa a lokaci guda, su hayayyafa, kuma abin da suke fitarwa shi ne hanci yake ji. A shekarar 2012 wasu masu bincike na ƙasar Japan sun nuna cewa wata ƙwayar cuta mai suna Moraxella osloensis ce kan gaba wajen haddasa wannan wari a jikin wankakkun kaya, kuma tana da juriya ga bushewa da hasken rana. Wannan ne dalilin da ya sa tawul zai bushe ƙayau a igiya ba ya warin komai, amma da zarar an goge jiki da shi ya sha ruwa, sai warin ya taso kamar ba a taɓa wanke shi ba. Saboda haka aikin yana da sassa uku: a cire maiƙon da yake ciyar da su, a kashe su da zafi, sannan a busar da kayan da wuri.

Kuskure na farko, wanda ya fi kowanne yawa, shi ne ƙara omo. Mutum ya ji wari, sai ya ɗauka cewa sabulu ne bai isa ba, ya zazzaga ninki biyu, kumfa ta cika bahon, ya ɗauraye sau ɗaya ya shanya. Tawul mai kauri ba ya sakin wannan sabulun da ɗauraya ɗaya, musamman idan ruwan rijiya ne ko na burtsatse mai gishiri-gishiri, wanda yake haɗuwa da sabulun sanda ya bar wani danƙo a jikin zare. Ana gane irin wannan tawul da alamomi biyu: yana bushewa da tauri, kuma idan aka tsoma shi a ruwa zalla aka matse, sai a ga ruwan ya yi fari-fari da 'yar kumfa. Ruwan laushin kaya mai ƙamshi ma haka yake yi, har ya fi muni, domin yana lulluɓe zaren da wani santsi da yake riƙe datti kuma yake hana tawul shan ruwa. Ni ba na yarda a zuba shi a tawul ko da lafiyarsa ƙalau, balle mai wari.

Na biyu shi ne turare. Ana ɗora riga mai danshi a kan kabbasa, a banka mata turaren wuta, ko a fesa mata humra, a ninke a jefa a akwati. Ƙamshin yakan rufe warin na yini ɗaya ko biyu, daga nan su gauraye su haifar da wani abu da ya fi na farko tayar da zuciya, ga shi man turaren ya ƙara wa zaren maiƙo. Turare na kayan da suka riga suka tsarkaka ne kuma suka bushe.

Ga yadda nake yi da manyan tawul biyu na auduga da suka kwana uku a jiƙe a cikin bokiti, har suka fara yauƙi. Da farko a ɗauraye su da ruwa zalla a matse sosai. Sai a tafasa ruwa lita 6, a zuba shi a kan lita 4 na ruwan famfo a cikin bokiti mai murfi. Wannan haɗin yana kai wa kusan digiri 70 a ma'aunin Salsiyos, kuma bayan tawul da bokitin sun sha nasu zafin, yakan tsaya a wajen digiri 60, wanda shi ne ake nema. Ba a buƙatar ma'auni, domin hannu ba zai iya zama a cikinsa ba, don haka da sanda ake danna kayan. A zuba omo cokalin cin abinci biyu kacal da rabin kofi na bekin soda. Idan babu shi, nakan jiƙa farar kanwa kaɗan in tace ruwanta da tsumma saboda yashi, amma ba na amfani da jar kanwa don tana iya bar wa farin kaya launi. A rufe bokitin, a bar shi minti talatin. Idan aka buɗe za a ga ruwan ya koma ruwan toka ko ruwan ƙasa, duk da cewa tawul ɗin an sha wanke su, kuma wannan shi ne dattin da wankin ruwan sanyi ya kasa fitarwa. Bayan ruwan ya huce sai a cuɗa, a mai da hankali kan kalmasar baki inda ɗinki ya ninku, a yi ta ɗauraya har ruwan ya fito garau. Daga nan a zuba kofi ɗaya na farin ruwan khal, wajen mililita 250, a cikin ruwa lita 10, a sake jiƙa su minti talatin domin ya narkar da ragowar sabulun da gishirin ruwa, a ɗauraye sau ɗaya, a matse da ƙarfi. Wasu suna fara wa da khal su ƙare da soda, amma ni na fi son in fara da wanda yake cin maiƙo. Warin khal kuwa yana tafiya da kansa idan kayan sun bushe.

Mai injin wanki zai yi hakan a zagaye biyu, na farko a digiri 60, kuma kada ya cusa kayan har injin ya kasa juya su. Ya kuma sunsuni injin kansa, domin robar bakin ƙofa takan tara funfuna idan ana rufe ta bayan wanki.

Masu haɗa khal da soda a bokiti ɗaya suna ɓarnar kuɗinsu ne kawai. Ɗaya mai tsami ne, ɗayan kishiyarsa, kuma wannan tafarfasar da ake gani ana murna ita ce shaidar cewa sun kashe juna.

Akwai kuma haɗin da ya wuce ɓarna ya zama ganganci, wato zuba khal ko lemon tsami a cikin ruwan bilic, wanda aka fi sani da haifo. Wannan yana sakin iskar kulorin, mai ƙona ido da maƙogwaro, kuma a ƙaramin banɗaki marar taga tana iya kwantar da mutum a asibiti. Bilic ba ya son abokin tafiya, ba ya kuma son ruwan zafi. Na taɓa biyan kuɗin atamfa turmi biyu na wata amarya saboda wani yaron shago da ya ji suna wari, ya ɗauki kwalbar ya tuttula kai tsaye a kan kayan ba tare da ya tambayi kowa ba. Zanen ya fito da fararen tabo kamar taswira, kuma inda ruwan ya fi taruwa zaren ya ruɓe har yatsa yana huda shi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne cewa babu buƙatarsa tun farko, domin warin kawai suke yi, ba su da ɗigon funfuna ko ɗaya. Bilic na farin kayan auduga ne da suka yi baƙaƙen ɗige-ɗige, kuma ko a nan a sirka shi da ruwan sanyi kafin kaya su shiga, kamar mililita 100 a lita 10, a bar su minti goma, a ɗauraye sosai. Wanda ya bar tawul ya kwana a ciki zai same shi ya yi rawaya ya rasa ƙwari. Ɗigon da ya yi watanni a jikin kaya masu launi kuwa sau da yawa ba ya fita gaba ɗaya, gara a gaya wa mai kayan gaskiya tun kafin a karɓa.

Shadda, leshi, atamfa mai zuba da yadin roba ba su jure wancan ruwan zafin: shadda takan rasa sheƙinta, atamfa ta zuba, na roba ya yamutse. Su da ruwa mai ɗumi kaɗan ake wanke su, a jiƙa su a ruwan khal, a shanya a inuwar da iska take kaɗawa, sannan a goge su tun da sauran ɗan danshi da dutsen guga mai zafin da yadin zai ɗauka, ta bayan rigar. Tururin da yake tashi shi ne yake yin aikin da ruwan zafi ya yi wa tawul. Kada a sa sitaci sai an tabbatar warin ya tafi kuma akwai ranar da za ta busar, domin sitaci abincin funfuna ne.

Bayan an sha wannan wahala, mutane da yawa a wurin shanya suke rushe aikin. Sukan ninka tawul gida biyu ko huɗu a kan igiya, ko su rataye shi a kan ƙusa a bayan ƙofa, ya yini ya kwana cikinsa bai bushe ba. A baza shi gaba ɗaya, a kama bakinsa da maƙalai yadda iska za ta bi ta fuskoki biyu, a bar tazara tsakaninsa da na kusa, a juya shi da tsakar rana. Ranar da ruwa ya tsare, a ɗaura igiya a ɗaki a buɗe taga, a kunna masa fanka idan akwai wuta, domin iska mai motsi ta fi ɗumin ɗaki a rufe amfani. Kafin a kwashe, a taɓa kalmasa, aljihu, wuyan riga da ƙugun wando, tun da su ne suke bushewa a ƙarshe, kuma idan sun yi sanyi a bayan hannu, to da saura. Kayan da aka gama gogewa ma a bar su su huce kafin a sa su a leda.

Hanci ba ya jin wari a jikin busasshen tawul, don haka kada a yanke hukunci a bakin igiya. A jiƙa gefe ɗaya da ruwan ɗumi, a murza shi a tafin hannu, a jira minti ɗaya a sunsuna. Idan warin ya taso, a maimaita jiƙon ruwan zafin. Tawul ɗin da aka yi wa haka sau biyu bai daina ba, ko wanda zarensa yake tsinkewa idan an ja, nakan mayar wa mai shi in ce ya yanka shi ya yi tsumman goge ƙasa.