Darasi na 7: In Mataimakin Waya Ya Amsa Maka da Wani Yare

Mataimakin da ke amsa tambayoyi cikin waya ba ya ganin fuskarka, ba lallai ne kuma ya san daga Damagaram kake rubutu ba. Galibi kalmomin da ka tura su ne yake dubawa ya ƙaddara yarenka. In kalmomin sun yi kaɗan, sai ya yi canke.

Ga yadda abin yake faruwa. Wata mai sayar da gero a kasuwar Dole tana son lissafin tiya 12, kowace tiya dala 150. Ta fara da gaisuwa kamar yadda ta saba, ta rubuta "Salam". Amsa ta zo da Larabci. Ba laifinta ba ne, domin Balarabe da Babarbare da Bazabarme duk haka suke sallama. Da "Bonjour" ta rubuta, da Faransanci za a tarbe ta. Haka ma in ta rubuta "sannou" ko "ina kouana" irin rubutun lakkol, wannan "ou" ɗin na iya jan mataimakin zuwa Faransanci.

Mutane da yawa a nan suke rufe waya, su ce abin ba ya jin Hausa. Kada ki yi haka, baiwar Allah. Kada kuma ki sake tura kalma guda, ko da "Hausa" ce, don yana iya ɗauka tarihin Hausawa kike tambaya. Rubuta cikakkun jimloli:

"Ina jin Hausa. Ka ba ni amsa da Hausa kawai. Daga Nijar nake, da sefa muke ciniki."

Jimlar ƙarshen nan tana da amfani sosai. Yawancin Hausar da aka rubuta daga Najeriya take, saboda haka in ba ki faɗi ƙasarki ba, yana iya yi miki lissafi da naira. Ki ƙara masa da cewa dala ɗaya sefa 5 ce. Daga nan sai tambayar: tiya 12 a kan dala 150, nawa ke nan? Amsar da ta dace ita ce dala 1800, wato jaka 9. In kin ga wani adadi dabam, ki sake lissafawa da kanki kafin ki ba mai saye canji.

Wani lokaci yakan fara da Hausa, can tsakiya ya koma wani yare. Sai a maimaita masa jimlolin nan uku. In an buɗe sabuwar hira ma yana iya mantawa, don haka a fara da su tun kafin tambaya.

Aiki: kwafi jimlolin nan uku cikin littafinka sau biyu, da u a wurin ou. Sannan ka rubuta tambaya ɗaya ta sana'arka a ƙarƙashinsu, ka nuna wa malam kafin ka tura.