Kurakuran da aka fi yi wajen mayar da jadawalin PDF zuwa Excel

Na gaji da karɓar jadawalin biyan ma'aikata da aka ciro daga PDF, suna da lambar asusu sun cuɗe a gida ɗaya, an kuma ƙara ɓata shi da sunan gyara.

Matsalar tana farawa tun daga kwafa da liƙawa. PDF bai san layin tsaye ba, wurin zaman kowane harafi kawai ya sani, don haka in ka kwafo, komai sai ya zube a layin A. Mai sabon Excel a Windows ya bi Data, Get Data, From File, From PDF. In kuwa rubutun bai zaɓuwa da linzami, hoto ne, sai an bi da shi ta OCR, manhajar da ke ciro rubutu daga hoto.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne raba layin da Text to Columns a zaɓi Space. Haba jama'a! Sunayenmu tsawonsu ɗaya ne? Mai suna biyu lambarsa ta faɗa layin C, mai suna uku ta faɗa D, mai ukun da aka sa wa Alhaji a gaba ta faɗa E. Ga shi yana taka duk abin da ke damansa, kuna danna OK ba ku karanta gargaɗin ba. Wani yaron ofishinmu ya taɓa shafe layin kuɗin albashi kaf ta haka, ya adana a kai, muka kwana muna sake shigarwa da hannu.

Ni daga ƙarshe nake kamowa, tunda lambar asusu a Najeriya goma ce cif. Sai na buɗe layuka biyu babu komai, na sa waɗannan a B2 da C2, na ja ƙasa:

```
=RIGHT(TRIM(A2),10)
=TRIM(LEFT(TRIM(A2),LEN(TRIM(A2))-10))
```

Na farko ya ba ka lamba, na biyu suna, ko guda nawa ne.

Sai sifilin farko. Excel yana ganin 0012345678 zai ɗauke ta adadi, ya bar maka 12345678, banki ya dawo da takardar. Dabarar RIGHT tana riƙe sifilin domin rubutu take fitarwa. Wanda ya nace sai Text to Columns, ya zaɓi Text a mataki na uku ga layin lambar.

Kanun jadawali yana maimaituwa a kowane shafi, a goge shi. Kuɗin da ya jingina hagu rubutu ne, SUM zai tsallake shi.

Ba na sakin aiki sai na ƙirga layuka, na tara kuɗin na gwada da jimillar da ke ƙasan PDF ɗin. Ko naira ɗaya ce ta bambanta, sai na bi shafi-shafi, ina fara dubawa daga layin ƙarshe na kowanne.