Jan ido da ƙaiƙayi: kurakuran da ke lalata ido

Da ido ya yi ja yana hawaye, sai a ce Apolo ne, a wuce kemis. Nan kuskuren farko yake, domin cututtuka uku ne ke zuwa da kama ɗaya. Jan ido na ƙwayar cuta yakan fara da ido ɗaya ya haye ɗayan, a tashi da safe kwantsa ta liƙe gashin ido, kuma sau da yawa akwai wani a gidan da ya riga ya kamu. Na alaji, wato rashin jituwar jiki da wani abu kamar ƙura, ƙaiƙayi ne babbar alamarsa: idanu biyu tare, hawaye tsararo, wani lokaci da atishawa, kuma ba a ɗauka. Bushewar ido kuwa ji ake kamar an watsa yashi, ga raɗaɗi, ta fi tsananta da yamma, ko cikin hunturu, ko bayan an daɗe ana kallon waya a gaban fanka. Busasshen ido ma yana zubar da hawaye, shi ya sa ake ruɗewa.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗiga maganin da ke ɗauke da sitiroyid, sinadarin da ke kwantar da kumburi da ja, irin su deksametason da betametason, ba da umarnin likita ba. A ɗauki yaro ɗan shekara 8 da ke murza ido duk lokacin zafi, farin idonsa ya koma ruwan ƙasa, babu kwantsa mai kauri. Wannan alaji ne. Aka ɗiga masa deksametason, cikin kwana biyu ido ya washe, uwa ta ji daɗi. Da aka daina ya dawo, aka sake saye, har ya zama na kullum. A ɓoye maganin na iya ɗaga matsin cikin ido ya cinye jijiyar gani, ko ya kawo yanar ido, kuma ganin da jijiya ta rasa ba ya dawowa. Abin da yaron ke buƙata shi ne tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora kan ido a rufe na minti 10, a hana shi murzawa, likitan ido ya rubuta masa maganin alaji.

Maganin ɗigon ido na kuloramfenikol ma ba na kowane jan ido ba ne. Bakteriya yake kashewa. Apolo bairos ke kawo shi, yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. A goge kwantsa da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, kowane ido da audugarsa, a yawaita wanke hannu, a raba tawul da matashi, a ajiye kwalli. Mai bushewar ido ya nemi ɗigon da ke maye gurbin hawaye.

Fitsari, nonon uwa, ruwan sukari ko na albasa, don Allah kada a zuba su a ido. Fitsarin mai ciwon sanyi yana iya makantar da mutum cikin 'yan kwanaki.

A tafi asibiti ranar idan gani ya ragu, ko ciwo ya yi tsanani, ko ba a iya kallon haske, ko farin tabo ya fito a baƙin ido. Jaririn da bai cika wata ba idan idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya, ba a kwana da shi a gida.