Darasi na 9: Haske da Tsayin Waya a Kiran Bidiyo

Kyamarar waya ba ta gani kamar idon mutum. Tana auna hasken da ya fi yawa a gabanta, sai ta daidaita sauran hoton da shi. Shi ya sa wanda ya juya wa taga baya yakan fito baƙi ƙirin: wayar ta bi hasken tagar, ta bar fuskar cikin duhu.

A ce wata uwa a unguwar Mabera ta Sakkwato za ta kira ɗanta da la'asar, a ɗaki mai taga ɗaya. Sai ta zauna tana fuskantar tagar, taku biyu daga gare ta, wayar tana tsakaninsu. In rana na shigowa kai tsaye har tana runtse ido, ta rataya farin mayafi marar kauri a tagar. Mayafin zai tausasa hasken, inuwar hanci da ta ƙasan ido su ragu. Jan labule ko kore bai dace ba, domin launinsa zai hau fata. In ta sa farin hijabi kuma fuskar ta dushe, ta taɓa fuskarta a allon wayar, yawancin wayoyi za su gyara hasken a kanta lokacin ɗaukar hoto.

A waje, ku guji tsakar rana. Ranar Sakkwato daga ƙarfe 12 zuwa 2 tana bisa kai, tana mai da idanu kamar ramuka. Gindin dogon yaro ma yana yaudara, don hasken da ke ratsa ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare. Bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa ya fi, kuna kallon waje. Da dare kada a dogara da ƙwan rufin ɗaki kaɗai. A haska fitilar caji a farin bangon da ke gabanku, hasken ya dawo fuska.

Sai tsayin waya. Ramin kyamara ya yi daidai da idanunku. Wayar da aka riƙe a cinya ƙofofin hanci da silin take nunawa, ta kuma ninka haɓa. Wadda ta yi sama sosai tana ƙara girman goshi. Ku jingina ta a kan littattafai ko kifaffiyar kwalla bisa teburi, nisan miƙa hannu, wato kamar santimita 60. In ta matso kusa da haka, hanci zai fito ƙato, kunnuwa su ja baya, saboda abin da ya fi kusa da kyamara shi ya fi girma a hoto.

Lokacin hazo ƙura kan sa hoto ya yi dishi-dishi. A goge kyamarar da tsumma mai laushi kafin kira.

Aikin aji: ku ɗauki hotonku sau biyu, ɗaya taga a baya, ɗaya taga a gaba. A wanne ake ganin idanunku?