Yadda ake kama boris tun bai fara kuka ba

Duk wanda ya yi aiki a kamfanin casar shinkafa ko matsar mai ya san dabarar sukudireba: ka ɗora bakinta a kan gidan boris, ka kara ƙotar a kunne. Dabarar tana aiki, amma ranar da kunnenka ya ji ƙara, boris ɗin ya daɗe da lalacewa. Na'urar auna girgiza tana iya ganin matsalar makonni, wani lokacin watanni, kafin kunne ya ji. Sai dai na ga yara da yawa an ba su na'urar, sun danna, hoton sifektiram ya fito, sun nuna tsini mafi tsawo sun ce ga boris nan. Ni ma na taɓa yin haka, kuma zan ba da labarin a inda ya dace. Ba zan tsaya bayanin mene ne sifektiram ba. In kana riƙe da na'urar, ka san kwance adadin bugu ne a daƙiƙa, wato Hz, tsaye kuma ƙarfin bugun.

Misalin da za mu bi har ƙarshe shi ne ƙaramar motar lantarki mai fol huɗu, tana jan fanka da bel, boris ɗinta lamba 6205.

Ka fara da wurin manna sensa. Ka nemi ƙarfen gidan boris ɗin kansa, ba murfin fankar baya ba, ba kuma haƙarƙarin sanyaya jikin motar ba. Ka kankare fenti, ka goge datti, ka sa alama da maka don gobe ka dawo daidai wurin. Tunda bel ne ke ja, nauyin yana faɗawa ɓangaren da bel ɗin ya ja sandar motar, don haka nan za ka manna. Sandar sensar nan da ake riƙewa da hannu a dangwala, ni a wurina a bar ta cikin jaka. Da ta wuce wajen 1000 Hz ba ta da gaskiya, alhali alamar farko ta boris can sama take. Maganaɗisu mai shafaffen gindi a kan ƙarfe mai santsi ya wadatar. Idan injin mai muhimmanci ne, ka liƙa ɗan faifan ƙarfe da gam mai ƙarfi ka bar shi nan dindindin. 

Sai lissafin bugun boris. Idan tabo ya fito a zoben waje, duk ɗan boris da ya bi ta kansa sai ya yi ɗan bugu, kamar taya a kan ramin titi. Adadin bugun a kowane zagaye na sanda ya dogara ga yawan 'ya'yan, kaurinsu, da faɗin da'irar da suke bi:

```
BPFO = (n/2) * (1 - (d/D)*cos(a)) * fr
BPFI = (n/2) * (1 + (d/D)*cos(a)) * fr
```

A nan n yawan 'ya'ya ne, d kaurin ɗa ɗaya, D faɗin da'irar tsakiyarsu, harafin a kusurwar haɗuwa ce, fr kuma zagayen sanda a daƙiƙa. BPFO na zoben waje ne, BPFI na zoben ciki. A 6205 mai 'ya'ya 9, d milimita 7.94 ne, D kuma 39.04, kusurwar sifili. Sai ya ba ka 3.585 a zoben waje, 5.415 a zoben ciki. Ka tara su, za ka samu 9 cif, kuma da haka nake gane ban yi kuskuren lissafi ba. In ba ka da ma'aunin, ka ninka yawan 'ya'yan da 0.4 da kuma 0.6, za ka faɗo kusa. Amma ka kula, lamba ɗaya ba ta nufin 'ya'ya ɗaya: wani kamfanin yakan sa takwas inda wani ya sa tara. Ni nakan fasa tsohon da aka cire in ƙirga da hannuna.

Abin da za ka riƙe daga wannan lissafi ɗaya ne. Bugun boris ba ya faɗawa daidai a kan ninkin zagayen sanda. Rashin daidaiton nauyi yana fitowa a ninki ɗaya, karkacewar haɗi a ninki biyu, sako-sako a jerin ninkuna har da rabi-rabinsu. Boris kuwa sai ya faɗo a tsakani, a 3.585, lambar da ba ta cika ba.

Yanzu ga inda na sha ƙasa, kuma nan ne nake so ka zauna.

Wata rana a wani kamfani da nake duba wa injina, na ɗauki awo a kan irin wannan motar. Na duba farantin jikinta, an rubuta 1450 a minti. Na raba da sittin, 24.17 Hz. Na ninka da 3.585, ya ba ni 86.6 Hz. Na duba sifektiram, sai ga tsini a wajen 86. Ban yi wata-wata ba na rubuta cewa zoben waje ya tafi. Aka tsayar da layi da rana tsaka, aka kwance, aka cire boris. Na wanke shi da kananzir, na juya shi a rana, zoben nan sumul kamar madubi. Babban makanikin wurin, dattijo ne, ya karɓa ya juya shi a yatsa, ya ce, "Injiniya, wannan ai ko a mashin ɗina zan sa shi." Sannan ya ɗauki sabon ya tura cikin gidansa da babban yatsa kawai, ya shige ba gardama. Gidan ne ya buɗe, boris yana rawa a ciki.

Kuskure biyu na tafka a lokaci guda. Na farko, lambar da ke kan faranti gudun mota ne lokacin da take ɗauke da cikakken kaya. Wannan kuwa kayanta kaɗan ne, tana gudu 1480, wato 24.67 Hz. Da wannan gudun, zoben waje yana 88.4 Hz, ba 86.6 ba. Abin da ke zaune a 86.3 shi ne ninki uku da rabi na zagayen sanda, alamar sako-sako. Da na waiwaya hagu da na ga 'yan uwansa a jere: 12.3, 37, 61.7. Na biyu, na saita `Fmax`, wato iyakar Hz ɗin da hoton zai nuna, a 1000 Hz da layi 400 kacal. Ka raba 1000 da 400, kowane layi ya haɗiye 2.5 Hz. Tazarar da ke tsakanin 86.3 da 88.4 kuwa 2.1 ce. Ko da na san gudun gaskiya, hoton ba zai iya raba su ba.

Saboda haka, kafin ka kalli kowane tsini, ka auna gudun sanda a daidai lokacin da kake ɗaukar awo. Takomita mai haske da ɗan tef mai ƙyalli a jikin sanda sun isa. In babu, ka nemi tsinin ninki ɗaya a sifektiram mai layi da yawa, ka karanta shi. A wurarenmu wannan ya zama dole fiye da ko'ina, domin yau injin yana kan wutar gari, gobe yana kan janareta, kuma ba kullum ko wannensu ke tsayawa a kan 50 Hz ba. Idan janareta ya sauka zuwa 49, duk tsinayen sun matsa da kashi biyu cikin ɗari. Shi ya sa nake juya ma'aunin kwance zuwa `Orders`, in daina karanta Hz gaba ɗaya. Da haka zagayen sanda ya zama 1, boris kuma yana nan a 3.58 ko gudu ya canza. Layi kuma kada ka yi rowarsa. A `Fmax` 1000 ka sa 3200, kowane layi ya zama 0.31 Hz. Abin da zai ci maka daƙiƙa 3.2 ne a kowane ɗauka. Ka bar taga a `Hanning`, ka sa matsakaici huɗu.

Duk da haka, sifektiram na gudun girgiza, mai mm/s, ba shi ne zai fara nuna maka tabo ba. Bugun ƙaramin tabo ba shi da ƙarfi, girgizar fanka da bel sun danne shi. Abin da yake yi shi ne kaɗa ƙarfen gidan kamar an taɓa ƙararrawa, ƙarfen ya amsa a can dubban Hz, ya yi shiru, ɗa na gaba ya zo ya sake kaɗawa. To akwai saitin da ke tace duk ƙananan girgizar ya zubar, ya saurari amsawar ƙarfen kaɗai, ya ƙirga sau nawa take maimaituwa. A wasu na'urori sunansa `Envelope`, a wasu `Demod`. Nan ake kama boris da wuri. Ka fara ɗaukar sifektiram na g, wato ma'aunin saurin sauyin gudun girgiza, har 10,000 Hz, ka ga inda ya yi tudu, yawanci tsakanin 2000 da 6000, ka sa matacin ya rufe tudun. Sannan ka sa `Fmax` na sakamakon a 500 Hz da layi 1600, don ya ɗauki ninki uku na zoben ciki. Wanda ya tsaya a lambar jimilla ta mm/s yana jiran ta hau, to sukudireba ma ta kusa riga shi.

Karatun ba wuya in ka zo nan da gudun gaskiya. A Hz, zoben waje zai ba ka 88.4, sai 176.9, sai 265.3, a jere kamar matakala. Tsini ɗaya tilo ban yarda da shi ba, sai na ga na biyu da na uku. Na biyun ma shi ke raba gardama, domin ninki bakwai na sanda yana 172.7, nesa da 176.9. Zoben ciki yana 133.6, kuma yana zuwa da 'yan rakiya hagu da dama, a 108.9 da 158.3, saboda tabon yana juyawa da sanda, yana shiga ƙarƙashin nauyi yana fita sau ɗaya a kowane zagaye. Kada ka matsa sai lamba ta zo cif. 'Ya'yan boris suna ɗan zamewa, bambancin kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba komai ba ne. Idan ka ga tsini a 100 Hz daidai, wuta ce, ninki biyu na 50. Ka kashe motar kana kallo, zai ɓace nan take tun sanda tana juyawa.

In kuma ƙasan hoton ne ya tashi baki ɗaya ba tsini, ka fara zargin giris. Ka ba shi kaɗan, ka sake awo bayan awa ɗaya, ka kuma dawo washegari. In ya sauka ya zauna, ƙishi ne. In ya dawo, akwai tabo. Boris mai rufin roba gefe biyu ba ya karɓar giris, wannan sai ka sa masa ido kawai.

Daga nan sai bibiya. Awo wata-wata a wuri ɗaya da kaya iri ɗaya. Ranar da tsinin ya bayyana a `Envelope`, ka koma mako-mako, ka sa a sayo boris a ajiye. Ranar da ya fito har a sifektiram na mm/s da 'yan rakiyarsa, ka nemi ranar tsayawa mafi kusa ka canza. In ka ga tsinayen sun fara narkewa, ƙasan hoton yana tashi kamar ciyawa, kada ka ce ya warke. Tabon ne ya bazu ko'ina har bugun ya daina rabuwa, a kashe injin a ranar. Kuma duk wanda aka cire, ka yanka shi da giranda ka duba zoben da ka zarga, ka auna gidan kafin a sa sabo.